Neman aiki ta adireshin info@: Yadda za ka rubuta saƙon da za a miƙa gaba

Idan ka tura takardun neman aiki zuwa adireshin kamfani na kowa da kowa, irin wanda ke farawa da info@, da wuya a ce mai ɗaukar ma'aikata ne zai fara buɗe saƙon. Galibi sakatare ne ko ma'aikacin karɓar baƙi. Cikin akwatin nan kuwa ake zubo ƙorafin kwastomomi da tallace-tallace da takardun neman biyan kuɗi.

Aikin wannan ma'aikaci shi ne ya miƙa kowane saƙo ga sashen da ya dace. Wanda bai gane inda ya dosa ba, sai ya tsallake shi. Don haka shi za ka fara sauƙaƙa wa aiki.

Kan saƙo

A ce wata matashiya tana neman aikin akanta a kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Idan ta rubuta "Neman aiki" kawai a gurbin Subject, ba ta faɗi komai ba. Kamata ya yi ta sa sunan muƙamin, da sunanta, da lambar sanarwar idan akwai.

Jumlar farko ta zama roƙo ƙarara: a taimaka a miƙa wannan saƙo ga sashen kula da ma'aikata. Tun da ba ta san mai karantawa ba, sai ta yi gaisuwa da sunan sashen.

Jikin saƙo

Jumla huɗu ko biyar sun isa, cikin harshen da aka fitar da sanarwar. Ta faɗi inda ta ga sanarwar da ranar da ta gani. Sannan ta kawo hujja guda mai ƙarfi, misali ta yi shekara 3 tana shirya albashin ma'aikata 40. Sai ta lissafa takardun da ta haɗa, ta rufe da cikakken suna da lambar waya.

Kada ta bar jikin saƙon fayau. Idan aka miƙa shi gaba, waɗannan layuka ne manaja zai fara gani a wayarsa.

Inda ake tuntuɓe

Takardun su kasance PDF, ba hotunan da aka ɗauka da waya ba, kuma sunan fayil ya nuna mai shi, kamar `Suna_CV.pdf`. A Gmail, abin da ya wuce 25 MB yakan koma mahaɗin Google Drive, wanda manajan da aka miƙa wa zai iya kasa buɗewa sai da izini.

Kada kuma ta jera adireshin kamfanoni goma a gurbin To, domin kowannensu zai ga sauran.

Idan saƙo ya dawo nan take da sanarwar gazawa, bai isa ba, sai ta duba adireshin. Idan shiru ne, bayan mako guda ta kira kamfanin ta tambayi ko an miƙa shi.