Abin da Mai Ɗanwake Za Ta Rubuta a Ƙasan Bidiyonta

Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ya saba da irin bidiyon nan: tukunya na tafasa, hannu mai lalle yana jefa ɗanwake ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a kwarara man gyaɗa a barbaɗa yaji. Bidiyo ya yi kyau, yawu ya tsinke. Sai ka duba rubutun da ke ƙasa ka tarar da kalma biyu da hoton zuciya. Babu sunan gari, babu farashi, babu lambar waya. Masu kallo su yi ta tambayar "a ina kike?" da "nawa ne?", kafin ta farka ta amsa wasu sun ci abincinsu a wani wuri.

Mutum biyu ne ke karanta wannan rubutu. Ɗaya uwargida ce da ke son ta gwada girkin a gidanta, ɗaya kuma mai jin yunwa ne da kuɗi a hannu. Mai sayar da abinci tana bukatar su duka, amma na biyun ne ke biyan kuɗin gas, don haka shi ya kamata a fara yi wa magana. Instagram na karɓar rubutu har harafi 2,200, sai dai ɗan abin da ke farko kawai yake nunawa, sauran sai mai kallo ya latsa. Idan aka cika wannan wuri da doguwar sallama da godiya ga masoya, an ɓata shi. Layin farko ya faɗi abincin da unguwar da lokacin: ɗanwake mai zafi, Tarauni a Kano, kullum daga sha biyu zuwa huɗu. Wanda ke Katsina ya san ba da shi ake ba, wanda ke ofis a Zoo Road kuma ya san ya samu abincin rana.

Daga nan sai kayan haɗi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. A rubuta "garin rogo, wake, kuka, kanwa" a tsaya bai taimaki kowa ba, domin duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan. Abin da ba a sani ba shi ne awo. A ce misali garin alabo gwangwani 3, garin wake gwangwani 1, kuka babban cokali 2, kanwa ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a jiƙa ta a tace ruwan. A kuma fayyace wane gwangwani, na madarar ruwa ne ko na tumatir. Na fi son gwangwani da cokali a kan mudu, saboda mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, kuma mai kallo a Kumasi ko Damagaram ba ta da mudun Kano a ɗakin girkinta. Gwangwanin madara kuwa kusan kowane gida akwai shi.

Awon kanwa da kuka ya cancanci jimla tasa. Kanwa idan ta yi yawa, ɗanwaken zai yi duhu ya yi ɗaci, wani ma ya ɓata masa ciki. Kuka idan ta yi kaɗan, ƙullin ba zai kama jikinsa ba, yana faɗawa ruwan zafi sai ya watse. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna wannan, don an yanke an haɗa. A rubuce ne za a ce: idan ya taso saman ruwa a bar shi ya ƙara 'yan mintuna, sannan a tsame a zuba cikin ruwan sanyi. Wasu masu sana'a na tsoron kada su tona asirin girkinsu. A ganina tsoron bai da tushe sosai. Wadda ta gwada ta ga awon ya yi daidai ta yarda da ke, kuma ranar da ba ta da lokacin kwaɓa ƙulli, ke za ta kira.

Akwai abu ɗaya a jerin kayan da ya wuce maganar ɗanɗano. Yajin ɗanwake sau da yawa da ƙuliƙuli ake daka shi, man kuma na gyaɗa ne, ga dafaffen ƙwai a gefe, wasu kuma suna sa fulawa a garin. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai ko alkama, har takan kai ga kumburi da sarƙewar numfashi. Layi ɗaya da ke cewa akwai gyaɗa da ƙwai a ciki ya isa, kuma mai saye ba zai iya gane hakan daga hoto ba.

Yanzu maganar oda. Adireshin intanet da aka saka cikin rubutun Instagram ba ya latsuwa, mutum ba zai taɓa shi ya buɗe ba. Don haka a rubuta lambar waya a fili, sannan a sa hanyar WhatsApp a shafin bayanin mai asusu, a ce wa mutane su duba can. Yadda ake haɗa ta shi ne a rubuta wa.me/234 sannan lambar ta biyo baya ba tare da sifilin farko ba, ba tazara, ba alamar tarawa. Mutanen Nijar 227 za su sa a wurin 234. Barin sifilin nan kuskure ne da ake yawan yi, kuma alamarsa ita ce mai saye ya latsa a ce masa lambar ba ta kan WhatsApp. Kafin a saki bidiyo a ba wata ta gwada daga wayarta.

Farashi kuma a rubuta shi. Al'adar cewa sai an turo saƙo sannan a ji kuɗi tana korar mai kunya, tana kuma sa wasu zargin ana duba mutum ne kafin a yanka masa. Matsalar ita ce bidiyo ya fi farashi tsawon rai: wanda aka saka da azumi zai iya faɗowa wayar wani bayan babbar salla, lokacin da wake da mai sun tashi. Maganin shi ne a haɗa farashin da watansa, kamar a ce roba ɗaya da ƙwai N1,500, farashin watan Maris, ko a riƙa komawa ana gyara rubutun.

Kuɗin kai wa mutum a ware shi daban, kuma a faɗi iyakar inda ake kaiwa. Ɗanwake ba dambun nama ba ne da za a ƙulle a ba direba a tasha ya kai Abuja. Yana hucewa yake tauri. Mai girki a Tarauni za ta iya kai wa Hotoro ko Gyaɗi-Gyaɗi da ɗuminsa, amma Rijiyar Zaki da cunkoson rana wata magana ce, gara ta ce mai so ya aiko a karɓa. Haka nan a faɗi lokacin rufe karɓar oda, misali ƙarfe sha ɗaya, don a san yawan garin da za a kwaɓa.

Lambar asusun banki kuwa ba ta da wuri a rubutun da kowa ke gani. A ba da ita a WhatsApp bayan an daidaita, tare da sunan da ke kan asusun, domin 'yan damfara kan kwafi bidiyon mai sana'a su buɗe shafi mai kama da nata su sa tasu lambar. Jimla ɗaya a ƙarshen rubutun tana rage wannan: wannan lambar kaɗai muke amfani da ita, kuma abinci na fita ne bayan kuɗi sun shiga. Hoton rasit da mai saye ya turo ba shaida ba ne, ana iya haɗa na bogi. Ta buɗe manhajar bankinta ta ga kuɗin da idonta, sannan ta miƙa wa mai babur leda.