Ina saƙonnin manoman Kura da Bunkure ke kwana?

A duk lokacin noman rani, manoma a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam na Jihar Kano kan aika da saƙonni ta wayar salula zuwa ga hukumomi da ƙungiyoyi da masu bincike. Wani na kukan ruwa bai iso gonarsa ba, wani na tambayar maganin tsutsar tumatir, wani kuma na ƙorafi kan rabon taki.

Da yawa daga cikinsu na ɗauka cewa da zarar an amsa saƙon, magana ta ƙare. To sai dai a mafi yawan lokuta saƙon kan zarce ne zuwa wani rumbun adana bayanai a kwamfuta, tare da sunan mai shi da lambar wayarsa, domin a riƙa nazari a kai.

Tambayar ita ce, wa ke iya ganin wannan saƙo, kuma har zuwa yaushe zai ci gaba da zama a can?

Yadda aka fara tara sunaye

Shirin noman rani na Kogin Kano yana samun ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka gina a shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shekara da shekaru a littattafai da fayil-fayil ake rubuta sunayen manoma, kuma sai mutum ya taka zuwa ofis kafin ya gani.

Al'amura sun sauya a shekarar 2012, lokacin da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin rabon taki da iri ta wayar salula a ƙarƙashin ministan aikin gona na lokacin, Akinwumi Adesina, inda aka yi wa miliyoyin manoma rajista da sunayensu da lambobinsu. A 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyara wuraren noman rani a arewacin ƙasar, ciki har da na Kano, wanda ya ba da ƙarfi ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disambar 2020 na haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Tun daga nan, lambar waya ta zama tamkar sunan mutum na biyu.

Misalin saƙo guda

A ɗauka cewa wata ƙungiya ta buɗe layin karɓar koke-koke, kuma ta karɓi saƙonni 600 a rani guda. Ɗaya daga ciki ya fito ne daga wani manomi da ke ƙarshen magudanar ruwa, yana cewa kwana goma ke nan ruwa bai iso albasarsa ba, domin maƙwabcinsa da ke sama, wanda ƙanin shugaban ƙungiyarsu ne, yana toshe hanyar ruwan da dare.

A cikin rumbun, saƙon zai zauna ne a layi guda mai gidaje kamar shida: suna, lambar waya, ƙauye, sashen da gonar take, rana da lokaci, sai kuma kalmomin saƙon kansu.

Mutane iri biyu ne ke buƙatar wannan layi. Jami'in da zai warware matsalar yana buƙatar suna da lamba, domin ya kira manomin ya je ya ga gonar. Shi kuwa mai nazari, abin da yake nema shi ne ƙidaya: saƙo nawa ne suka shafi ƙarancin ruwa, daga wane sashe, a wane mako. Sunan manomin ba ya ƙara wa lissafinsa komai.

Matsalar takan taso ne idan aka kwafe layin ɗungurungum aka miƙa wa mai nazari, saboda hakan ya fi sauƙi. Daga nan sai ya shiga kwamfutar tafi-da-gidanka, a tura wa abokin aiki ta WhatsApp, a haska shi a allo a wajen taro. Idan labari ya kai kunnen shugaban ƙungiya, mai ƙorafin na iya rasa layin ruwa ko gurbinsa a jerin masu samun tallafi, ban da gabar da za ta shiga tsakanin maƙwabta.

Goge suna bai wadatar ba

Matakin farko da akan ɗauka shi ne a share gidan suna. Amma duk wanda ya san yankin, da ya karanta saƙon da ke sama zai gane mai shi, domin ba mutane da yawa ba ne ke noman albasa a ƙarshen wannan magudana kuma suke iyaka da ƙanin shugaba. Kalmomin saƙon su ne suka tona asirin.

An taɓa ganin irin haka a Amurka a 2006, lokacin da kamfanin AOL ya saki bayanan abubuwan da mutane fiye da 600,000 suka bincika a intanet, bayan ya maye gurbin sunayensu da lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa a jihar Jojiya, ta hanyar harhaɗa abubuwan da ta riƙa rubutawa kawai.

Dabara ta biyu ita ce a dagula lambar wayar da wani lissafi irin su SHA-256, wanda ke mai da ita jerin haruffa da alƙaluma marasa ma'ana. A ƙa'ida ba a iya warware wannan lissafi a koma baya. Sai dai lambobin wayar Najeriya alƙaluma 11 ne, kuma huɗun farko, kamar 0803, sanannu ne. Saura bakwai ke nan, wato lambobi miliyan 10 a kowane rukuni. Kwamfutar gida na iya dagula dukkansu ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ta kwatanta da abin da ke rumbun, ta fito da lambar asali. Da irin wannan hanya aka warware lambobin motocin tasi na birnin New York a 2014.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a bai wa kowane mai saƙo wata lamba da aka zaɓo kara-zube, sannan a ajiye takardar da ke haɗa lambar da sunansa a wani wuri dabam, a hannun jami'in koke-koke kaɗai. Shi kuma saƙon, sai a mai da shi rukuni kafin ya isa wurin mai nazari: ƙarancin ruwa, sashe kaza, mako na biyu na watan Fabrairu.

Ko a haka ma akwai sauran aiki. Idan rahoto ya nuna cewa saƙo ɗaya tak ne ya fito daga wani ƙaramin ƙauye a wannan mako, mutanen ƙauyen sun san ko wane ne. Shi ya sa masana ƙididdiga kan haɗe duk rukunin da bai kai mutum biyar ko goma ba da na kusa da shi.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC domin sa ido.

Dokar ta tanadi cewa a tattara bayanan mutum domin wata manufa bayyananniya, kada a ɗebi fiye da abin da manufar ke buƙata, kuma kada a riƙe su fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Ta kuma bai wa mai bayanan damar neman sanin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara ko a goge.

Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 bayan an gano. Manyan masu riƙe da bayanai da suka karya dokar na iya fuskantar tarar da ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Har zuwa yaushe?

Dokar kanta ba ta yanke wa kowa adadin kwanaki iri ɗaya ba, domin manufa ce ke nuna wa'adi. A misalin da ya gabata, ƙungiyar na iya tsara abin hawa uku. Suna da lambar waya su zauna har a warware ƙorafin, da ƙarin wasu watanni ko da zai sake tasowa. Kalmomin saƙon su zauna zuwa ƙarshen kakar noman, lokacin da aka kammala rahoto. Ƙidayar da ba ta nuna kowa kuwa, ana iya riƙe ta shekaru, kuma ita ce za ta nuna ko matsalar ruwa a wannan sashe na raguwa ko tana ƙaruwa.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne wajen gogewar. Ana iya share layin daga babban rumbu, alhali yana nan a kwafin ajiya na ko-ta-kwana, da wayar jami'in da ya karɓi saƙon, da fayil ɗin da aka tura wa mai ba da shawara shekara biyu da suka wuce. Haka kuma idan wa'adin wani shiri ya ƙare ma'aikata suka watse, akan bar bayanan ba tare da wani takamaiman mai kula da su ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙungiyar. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara biyu, don haka shaidar cewa lamba kaza ta aika saƙo a rana kaza na iya wanzuwa a can.

Yadda za a gane

Gwaji mafi sauƙi shi ne a duba ranar saƙon da ya fi kowane daɗewa a rumbun. Idan an ce ana gogewa bayan shekara guda, amma ga saƙon shekara biyar yana nan da suna a jikinsa, to tsarin a takarda kawai yake. Gwaji na biyu shi ne a ɗauki saƙonni ashirin da aka cire wa suna, a bai wa wani amintaccen ma'aikaci ɗan yankin ya karanta. Idan ya iya faɗin masu biyu ko uku daga ciki, aikin ɓoyewar bai yi ba.

Shi ma manomi na da damar tambaya kafin ya ba da sunansa: wa zai karanta saƙon, za a nuna wa shugabannin ƙungiya, kuma yaushe za a goge? Idan ya ga an keta masa haƙƙi, dokar ta 2023 ta ba shi damar kai ƙara gaban hukumar NDPC.