Imel ɗin godiya ga wanda ya ɗora ka a hanya

Yau hirarmu a kan imel ɗin godiya ce, wanda za ka tura wa malami ko ubangidan da ya taimake ka.

Yawancinmu mukan rubuta: "Na gode da duk abin da ka yi min." To ai wannan ko mutum goma ka tura wa, ba sai ka canza harafi ba. Gwajin ke nan fa: in saƙon zai dace da kowa, bai zama nasa ba tukuna.

Sai ka faɗi takamaiman abin da ya yi maka, da lokacin da ya yi, da abin da ya haifar. Ga misali:

"Malam, barka da warhaka. A watan Maris kun zauna da ni awa biyu a kan takardata ta neman tallafin karatu. Kuka ce in cire doguwar gabatarwar, in fara da tambayar bincikena. Jiya na samu tallafin, kuma a wajen tantancewa tambayar nan suka fi tsayawa a kai. Allah ya saka da alheri."

Kun ga addu'ar tana nan, amma yanzu ya san abin da ake gode masa.

Sai dai a kula: kar ka liƙa wata buƙata a ƙarshe. Da zarar ya ga "sannan ina neman alfarma", zai ɗauka godiyar share fage ce. Bari buƙatar sai wani saƙon.

Mu kwana nan, sai shiri na gaba.