Darasi a Rumfar Mahauci

Ɗiyar yayata, wadda ta kammala digiri bara, ta fara sana'ar dambun nama da ɗan jarin da ta tara. A karon farko ta sayi kilo 3 na ƙirjin saniya saboda ya fi araha. Da ta dafa ta daka, sai ya cure ya ƙi warwarewa, kuma bayan 'yan kwanaki ya soma warin tsohon mai. Matar da ta yi oda ta dawo da shi. Ganin jarin na neman karyewa, na ɗauke ta da sassafe zuwa wurin wani dattijon mahauci da nake ciniki da shi shekara da shekaru a cikin birnin Kano.

Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, nama mai kyau nake so."

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, duk naman nan mai kyau ne. Me za ki dafa?"

Da ta ba shi labari, sai ya ɗauko ƙirji ya nuna mata yadda kitse ya ratsa tsoka hawa-hawa. Ya ce wannan na miya ne da farfesu, domin doguwar dahuwa tana narkar da kitse da jijiya su koma romo. A dambu kuwa, kitsen shi ke haɗe zaren nama, shi ne kuma ke fara lalacewa idan an ajiye. Sai ya janyo cinya ya tsaga ta. "Dubi zaren, dogo ne, a jere yake kamar tsintsiya. Wannan shi ke warwarewa a turmi."

Daga nan ya sa ta danna tsokar da yatsa. Gurbin ya ciko nan take. Ya ce idan gurbi ya zauna, ko nama ya yi yauƙi a hannu, to ya kwana. Ya gargaɗe ta da naman da ke ɗigar ruwa, ya koɗe, domin kuɗin ruwa za ta biya a kan sikeli. Duhun launi kaɗai, in ji shi, ba aibi ba ne: tsohuwar saniya takan yi jan nama mai duhu, sai dai tana cin itace kafin ta dahu.

A ƙarshe ya ce kada ta sayi kashin da aka riga aka yayyanka, domin a nan ake ɓoye jijiya da tantani. Ta nemi cinya dunƙule, a fere mata kitsen a gabanta kafin a auna.

Ta biya fiye da na farko, tana ɗan ɓata rai. Dattijon ya ce, "Araha ba ta ado, 'yata." Dambun ya fito wara-wara, matar nan kuma ta sake aiko da oda.

Ni da na shekara 15 ina koyarwa, ban taɓa tambayar ɗalibi abin da zai dafa da karatuna ba. Tun daga ranar na fara.