Yadda Ake Haɗa Bututun Jan Ƙarfe Da Dalma Ba Tare Da Yoyo Ba

Mai aikin famfo da ke haɗa bututun jan ƙarfe na milimita 15 da gwiwarsa ya san dalma ba ta kama datti. Shi ya sa da zarar ya yanke bututun daidai, ya kankare bakinsa, sai ya goge wajensa da cikin gwiwar da samfefa har su yi ƙyalli. Daga nan kada yatsa ya taɓa wurin, domin maiƙon hannu ma yana hana dalma kamawa.

Sai a shafa man fulas siriri a ɓangarorin biyu, a zura bututun har ƙarshe, a ɗan murza shi. Man nan ne ke hana tsatsa sake fitowa idan wuta ta taɓa ƙarfen.

A wajen wuta ake gane gwani. Gwiwar ake gasawa, a kewaya da harshen wutar. Idan ta yi zafi, a ɗora dalmar a bakin haɗin, ta gefen da wutar ba ta bugawa. Zafin ƙarfen ne zai narkar da ita, siririn ratar da ke tsakani ya zuƙe ta ciki, ko da haɗin sama yake kallo. Idan ta dunƙule ta zube, ko dai zafi bai kai ba, ko man ya ƙone ya yi baƙi, ko akwai ragowar ruwa a bututun. Maganinsa a kwance, a tsane ruwan, a sake gogewa.

Haɗi mai kyau yana nuna siririn zobe mai ruwan azurfa a kewaye. A bar shi ya huce ba motsi, a goge ragowar man da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya ci ƙarfen. In bututun na ruwan sha ne, a nemi dalmar kuza wadda ba gubar lid a cikinta.