Takardar sulhu: abin da ake rubutawa kafin a watse

Da kaka ta yi, ƙofar gidan dagaci ba ta rabuwa da ƙorafin ɓarnar gona. Za a zauna, dattawa su ba da baki, a yi musafaha, a shafa fatiha. Bayan wata biyu sai maganar ta dawo ɗanya, domin kowa da yadda ya riƙe abin da aka ce. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, illa dai an tashi ba a rubuta komai ba, ko an rubuta abin da ke ɗaukar fassara biyu.

A ce shanu sun shiga gonar dawa, an je an ga ɓarna, manomi ya nemi buhu huɗu, aka daidaita a kan uku. Idan takardar ta ce kawai "makiyayi zai biya ɓarna bayan girbi", to ba a gama komai ba. Wane buhu? Dawa za a kawo ko kuɗinta? In kuɗi ne, farashin ranar zama ko na ranar biya, tunda hatsi yakan tashi bayan kaka? Takarda mai kyau za ta ce buhu uku na dawa, kowanne tiya 40. Za a kawo biyu ranar kaza ga wata kaza, ɗaya bayan mako huɗu, a auna a ƙofar gidan dagaci gaban shaidu. Kowane alkawari ya samu lambarsa, kuma ya amsa tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, nawa, yaushe.

Shi ma manomi a rubuta nasa nauyin, cewa in ya karɓi buhu ukun ya yafe sauran, ba zai sake tayar da maganar wannan ɓarna ba. A kuma faɗi abin da zai biyo baya idan aka saɓa, misali a dawo gaban mai sulhu cikin kwana bakwai, in ya gagara a wuce kotu. Abin da ba a daidaita a kai ba, kamar gardamar inda burtali ya bi, a ambace shi daban, kada wani ya ɗauka sulhun ya haɗa da shi. Zagi da zargin da aka yi cikin fushi kuwa ba su da gurbi a takardar. Abin da aka yarda da shi kaɗai ake rubutawa.

Wurin sa hannu ne aka fi yin sakaci. Yaron da ke kiwo galibi ba shi ne mai shanun ba, don haka mai dukiyar ne zai sa hannu, ko wakilin da ya ba izini, a kuma rubuta cewa wakili ne. Kowane ɓangare da layinsa: cikakken suna, sa hannu ko dangwalen babban yatsa, da kwanan wata. Sai layin mai sulhu da na shaidu, zai fi kyau kowane ɓangare ya kawo nasa. Idan ɗayansu ba ya karatu, a karanta masa da harshen da yake ji, Fulatanci ne ko Hausa, marubucin ya sa sunansa da adireshinsa, ya rubuta cewa an karanta masa ya gane kafin ya dangwala. Rashin wannan layi shi ne ƙofar da ake bi gobe a ce "ban san abin da na sa wa hannu ba". Kada a bar fili tsakanin alkawari na ƙarshe da sa hannu, inda wani zai iya cusa ƙari. Duk gyaran da aka yi, su biyun su sa hannu a gefensa, kuma kowa ya tafi da kwafinsa.

Doka ta san da wannan takarda. A Najeriya, dokar sasanci da sulhu ta 2023 ta ce yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sulhu tana ɗaure ɓangarorin, kuma ana iya neman kotu ta tilasta cika ta. A Nijar, tsarin dokokin karkara da aka kafa a 1993 ya tanadi a fara kai rikicin ƙasar noma da kiwo gaban sarakunan gargajiya, a rubuta sakamakon zaman, ko an daidaita ko ba a daidaita ba, kafin a je gaban alƙali.

Sai dai takardar tana da iyaka. Mai sulhu ba alƙali ba ne, ba shi da ikon ɗora wa kowa adadi. Sa hannun da aka karɓa da barazana, ko shanun mutum na tsare ana matsa masa, ana iya rushe shi a kotu. Idan kuma an zubar da jini, takardar dagaci ba ta hana hukuma bin laifin. Saboda haka kafin a miƙa biro, mai sulhu ya karanta alkawuran ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowanne a gaban jama'a ko haka ya yarda. Wanda ya yi jinkirin amsawa, a tsaya a ji damuwarsa tukuna.