A Fara Yanka Daga Ƙarshe

A ce an yi taron unguwa kan famfon burtsatse da ya lalace, gidan rediyon al'umma ya naɗi muryoyi na minti 47. Filin shirin minti 30 ne, kuma gabatarwa da sanarwa za su ci 4. Ke nan sai an zubar da minti 21. Mai shirya shirin tana can wani ƙauye, don haka ta turo wa mai tace sauti saƙo ta WhatsApp:

"Malam, barka da aiki. Don Allah ka ajiye kwafin asali tukuna, sannan ka faro daga ƙarshe. Cire 40:30 zuwa 47:00, jawabin godiya. Cire 31:05 zuwa 32:35, daga 'ni dai na san wanda' zuwa 'kowa ya sani'. Cire 19:10 zuwa 23:40, ƙarar janareta. Cire farko zuwa 08:30, gaishe-gaishe. Amsar ma'aji kada a taɓa ta."

Me ya sa daga ƙarshe? A manhaja irin Audacity, da zarar an goge wani yanki, abin da ke bayansa yakan matso ya cike gurbin. Idan Malam ya fara da gaishe-gaishe, komai ya ja baya da minti takwas da rabi. Maganar da ke 31:05 ta koma 22:35. In ya je 31:05 ya yanka, abin da ke 39:35 a asali ya cire, wataƙila amsar ma'ajin ce, zargin kuwa yana nan daram. Wanda ya faro daga ƙarshe lambobinsa ba sa motsi, domin bai taɓa abin da ke gabansu ba.

Wannan minti ɗaya da rabi na tsakiya shi ya fi komai nauyi. A nan ne wani ya kama sunan mutum ya ce shi ya ci kuɗin gyara, ba tare da hujja ba. A zauren taro mutum hamsin suka ji. A rediyo gari duka zai ji, kuma tashar ce za ta amsa ƙarar ɓata suna. Shi ya sa ta haɗa lambobin da kalmomin farko da na ƙarshe. Wayarta da kwamfutarsa suna iya saɓawa da 'yan daƙiƙu, musamman in fayil ɗin da ta saurara an riga an datse masa kai. Idan ya isa 31:05 bai ji "ni dai na san wanda" ba, ya san akwai matsala, sai ya kira ta.

Abin da nake ganin ya fi nuna ƙwarewarta shi ne jimlar ƙarshe. Mai neman cike lokaci yakan ga dogon bayanin ma'aji ya ce ga nama. Amma in aka bar tambayar jama'a aka cire amsa, mai sauraro zai ɗauka ma'aji ya rasa ta cewa, alhali ya yi bayani. An zalunce shi ke nan ba tare da an ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Idan Malam ya gama, tsawon sautin ya kamata ya nuna 26:00. In ya saɓa, ya koma ga kwafin asali, kuma ya saurari kowace mahaɗa da kunnensa kafin shirin ya hau iska.